Yadda ake cire «dama», «ɗan» da «wataƙila» daga saƙon neman buƙata ba tare da an zubar da ladabi ba

Ga wani saƙo da za mu yi aiki a kansa daga farko har ƙarshe. Kafinta ne ya haɗa wa wani Alhaji gado da durowar kaya a kan naira 180,000. An ba shi kafin alƙalami na naira 100,000, ya kai aiki, an karɓa, mako uku ya wuce ba a ba shi cikon ba. Sai ya ɗauki waya ya rubuta:

«Salamu alaikum Alhaji, barka da warhaka. Yi haƙuri na dame ka. Dama ba wani abu ba ne, na ce bari in ɗan tuna maka ne kawai ko da hali a ɗan duba maganar ɗan abin nan da ya rage. Ina ga kamar wataƙila an manta ne. In babu damuwa dai, duk lokacin da aka samu sarari. Na gode.»

Babu rashin kunya ko kaɗan a saƙon nan, amma kuma babu buƙata a cikinsa. Ba a faɗi ko nawa ne kuɗin ba, ba a faɗi ranar da ake so ba, ba a ma ambaci kalmar kuɗi ba. Alhaji zai karanta, ya amsa da «To, babu damuwa, za a duba», kuma bai yi laifi ba, domin abin da aka roƙe shi ke nan: ya duba, a lokacin da ya ga dama. Gyaran irin wannan saƙo ba share kalmomi kaɗai ba ne. Kusan kowace kalmar kame-kame tana zaune ne a gurbin wani bayani da marubucin ya ji nauyin faɗa, wato adadi, ko rana, ko dalili. Aikin shi ne a ɗaga kalmar a mayar da bayanin gurbinsa.

Mataki na farko: nemo jimlar da ke ɗauke da buƙatar

Rubuta saƙon yadda ya zo maka, kada ka tsaya gyara tun kana rubutawa. In ka gama, kada ka tura. Raba shi kashi uku: gaisuwa, bayani, da buƙata. Sannan ka tambayi kanka: in aka ce mai karatu jimla ɗaya tak zai gani, wacce ce za ta gaya masa abin da zai yi?

A saƙon kafintan, jimlar da ta fi kusa ita ce «ko da hali a ɗan duba maganar ɗan abin nan da ya rage». Lura da fi'ilin da ke cikinta: duba. Kafinta ba dubawa yake so ba, biya yake so. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi duk wani «ɗan» ko «dai» illa. Mutum ya ce a duba alhali a sa hannu yake nufi, ya ce a taimaka alhali a turo takarda yake nufi, ya ce yana so a tattauna alhali amincewa yake nema. Saboda haka kafin ka taɓa ƙananan kalmomi, gyara fi'ilin. Ya zama aikin da za a iya gani an yi ko ba a yi ba: tura, biya, sa hannu, amince, kawo, kira. Lura kuma da «a duba», wanda bai faɗi mai dubawar ba. Hausa tana amfani da wannan siga don girmamawa, kuma tana da kyau idan mutum ɗaya kake wa magana. Amma in saƙon zai shiga zauren da mutum goma ke ciki, kowa zai ɗauka da wani ake, don haka a nan sai ka ambaci wanda kake nufi.

Mataki na biyu: ja layi a ƙarƙashin kalmomin, ka tambayi kowace abin da take ɓoyewa

Kalmomin kame-kame iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai masu ƙanƙantar da buƙata: ɗan, 'yar, kawai, ba wani abu ba ne, dama na ce bari in. Aikinsu su nuna cewa abin da ake nema bai kai a damu da shi ba. Matsalar ita ce mai karatu yakan yarda. Wanda aka gaya wa ba wani abu ba ne, sai ya ajiye saƙon a ƙasan waɗanda suka ce nasu wani abu ne. Naira 80,000 ba «ɗan abin nan» ba ce a wajen kafinta, kusan rabin kuɗin aikin ce. Waɗannan kalmomi ana cire su, a sa adadi ko sunan abin a gurbinsu.

Akwai masu jefa shakka a kan abin da ka sani: kamar, wataƙila, mai yiwuwa, ina ga, ina jin, wai. Gwajinsu mai sauƙi ne. Tambayi kanka ko da gaske kana shakka. Kafinta ba ya shakkar cewa saura naira 80,000, yana da shi a rubuce. In babu shakka, kalmar ta tafi. «Wai» ta fi sauran haɗari, domin tana nuna jita-jita kake kawowa. In ka rubuta wa maigidanka «wai an ce a kawo rahoton ranar Litinin», ka raba kanka da maganar, shi ma ba zai ɗauke ta da nauyi ba. Faɗi wanda ya ce: «Ofishin kuɗi ya ce a kawo rahoton ranar Litinin.»

Na ukun su ne masu buɗe ƙofar zamewa: ko da hali, in babu damuwa, in ba takura, duk lokacin da aka samu sarari, nan gaba, kwana biyu. Waɗannan suna ba mai karatu amsar «a'a» a shirye tun kafin ya yi tunani. «Kwana biyu» kuwa kowa ya san a bakin Bahaushe tana iya zama mako, tana iya zama wata shida. Gurbin waɗannan rana ce da lokaci.

In a kwamfuta kake rubutu, danna Ctrl+F ka nemi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, domin ido yakan tsallake abin da hannu ya saba rubutawa. A saƙon kafintan, wanda bai kai kalma sittin ba, «ɗan» ta fito sau uku, ga «dama», «kawai», «ko da hali», «ina ga», «kamar», «wataƙila» da «dai». Kalma ɗaya daga ciki ba za ta kashe saƙo ba. Taruwarsu a jimla guda ce ke kashe shi.

Mataki na uku: cike gurbin

Nan ne aikin yake. In ka share kalmomin kawai, abin da zai rage shi ne «Alhaji, a duba maganar abin da ya rage», wanda ya bushe kuma har yanzu bai ce komai ba. Jimlar buƙata tana son abu huɗu: aikin da za a yi, adadin ko sunan abin, ranar, da dalili guda ɗaya.

Adadi a rubuta shi da lamba, tare da lissafin da ya haifar da shi idan gajere ne: jimla 180,000, an biya 100,000, saura 80,000. Wannan yana rufe ƙofar «nawa ne ma?», wadda ita kaɗai tana iya ƙara kwana uku a kan maganar.

Rana a faɗe ta da suna da kwanan wata, kada a ce «nan kusa» ko «cikin satin nan». Kuma a ba mutum tazarar da za ta yiwu. Don biyan kuɗin da aka riga aka yi alkawari, kwana uku zuwa biyar ya isa. Don takardar da sai ta bi ta hannun mutum biyu ko uku a ofis, a ba da mako guda. Wanda ya rubuta da ƙarfe tara na dare yana neman a biya shi gobe da safe, ba ƙarfin gwiwa ya nuna ba, takura ce, kuma mafi yawa shiru zai samu.

Dalili kuwa shi ne ke ɗaukar nauyin da «yi haƙuri na dame ka» ke ƙoƙarin ɗauka. A shekarar 1978 masaniyar halayyar ɗan Adam Ellen Langer da abokan aikinta sun yi wani gwaji a wani ɗakin karatu a birnin New York, inda mutum ke roƙon a bar shi ya shiga gaban layin injin kwafe takardu. Da takardun shafi 5 ne kuma bai ba da dalili ba, kashi 60 cikin ɗari suka yarda. Da ya ce yana sauri, kashi 94 suka yarda. Da ya ba da dalilin da ba dalili ba, wato cewa yana so ya kwafi takardu ne, kashi 93 suka yarda. Mutane sukan tsaya a nan in suna ba da labarin, amma ragowar ta fi amfani: da takardun suka zama shafi 20, dalilin wofi bai ƙara komai ba, ya tsaya a kashi 24 daidai da wanda bai ba da dalili ba, sai dalilin gaske ne ya kai kashi 42. Wato in buƙata tana da nauyi, dalilin ma sai ya zama na gaske. Cikon naira 80,000 buƙata ce mai nauyi. Dalilin kafinta na gaskiya shi ne mai katako na jiran kuɗinsa ranar Juma'a. Shi zai faɗa, shi kaɗai. Kada ya jera haya da kuɗin makaranta da rashin lafiya, domin dalilai uku suna mayar da neman haƙƙi ya koma roƙon taimako.

Ga saƙon bayan gyara:

«Salamu alaikum Alhaji, barka da warhaka, ya iyali? Ina tuni ne a kan cikon kuɗin gado da durowa. Jimlar aikin naira 180,000 ce, an ba ni 100,000, saura 80,000. Don Allah a turo mini cikon zuwa ranar Alhamis, 14 ga wata, domin zan sallami mai katako ranar Juma'a. Ga lambar asusun a ƙasa. In Alhamis ba za ta yiwu ba, a sanar da ni ranar da za ta yiwu. Na gode, Allah ya ƙara girma.»

Dubi jimlar kusa da ƙarshe. Ita ce ta maye gurbin «in babu damuwa» da «duk lokacin da aka samu sarari». Ta bar wa Alhaji sarari, amma sararin zaɓen wata rana ne, ba sararin yin shiru ba. Duk amsar da zai bayar yanzu tana ɗauke da rana a cikinta.

Mataki na huɗu: ladabi ya zauna a mazauninsa

Abin da ke sa mutane jin tsoron wannan gyara shi ne kada a ce ba su da kunya. Tsoron yana da tushe, domin alkunya da kara ba abin wasa ba ne a wajenmu. Amma ladabi daban, shakka daban. Saƙon da aka gyara ya ma fi na farko gaisuwa: ya tambayi iyali, ya ce don Allah, ya yi addu'a, ya riƙe sigar «a turo» maimakon «ka turo». Abin da aka cire shi ne ba da haƙuri a kan laifin da ba a yi ba, da nuna shakka a kan abin da aka tabbatar.

Ƙa'idar da ke aiki ita ce: girmamawa a farko da ƙarshe, tsakiya kuma a bar ta fili. Ranka ya daɗe, Yallaɓai, Hajiya, Malam, Allah ya ƙara lafiya, duk su zauna a buɗewa da rufewa. A cikin jimlar buƙatar kanta, «don Allah» sau ɗaya ta wadatar. Sau uku kuwa ta koma magiya, kuma mai magiya ana iya ce masa ya yi haƙuri.

«In sha Allahu» ba ta cikin kalmomin da ake sharewa. Wurinta shi ne alkawarin da kai ka ɗauka, kuma tare da rana: «Zan kawo ranar Talata in sha Allahu.» Abin da ke ɓata ta shi ne a sa ta ta tsaya a gurbin ranar. «Yi haƙuri» ita ma tana da wurinta, idan da gaske ka makara ko ka kira mutum a lokacin da bai dace ba. Ka faɗe ta sau ɗaya, ka ambaci laifin, ka wuce.

Idan shakkar ta gaskiya ce

Wani lokaci «wataƙila» gaskiya take faɗa, kuma share ta ƙarya ce. Tela da bai tabbatar ko yadi biyar zai isa ba, kada ya rubuta cewa zai isa don ya nuna ya san aiki. Abin yi shi ne a tattara shakkar wuri ɗaya a yi mata iyaka. Maimakon «ina ga kamar wataƙila yadin ba zai ɗan isa ba», sai a ce: «Yadi biyar zai yi riga da wando. Hular ce ban tabbatar ba sai na yanka. Zan gaya maka gobe da azahar ko ana buƙatar ƙarin rabin yadi.» An faɗi abin da aka sani, an faɗi abin da ba a sani ba, an faɗi lokacin da za a sani. Haka ma ƙiyasi: «tsakanin naira 15,000 da 18,000» ya fi «kamar dai wajen sha wani abu».

Ga masu rubuta wasiƙar ofis da Turanci

Tsarin bai canja ba, kalmomin ne suka canja. Waɗanda za ka nema da Ctrl+F su ne `just`, `maybe`, `sort of`, `kind of`, `I think`, `I was wondering` da `sorry to bother you`. Kalmar `just` ita ce takwarar «ɗan» da «kawai». An yi ta muhawara a kanta a 2015 bayan Ellen Petry Leanse, wadda ta taɓa aiki a Google da Apple, ta rubuta cewa kalmar tana sa buƙata ta zama kamar neman izini, har a ƙarshen shekarar aka fito da wata ƙaramar manhaja mai suna Just Not Sorry da ke ja wa irin waɗannan kalmomi layi a Gmail. Wasu masana harshe sun soki abin, suna cewa sassauta magana dabara ce ta zama da mutane, ba rauni ba. Suna da gaskiya a kan hira. A jimlar buƙata dai, gyaran yana biya.

```
I just wanted to check if maybe you could sort of look at my leave request.
Please approve my leave for 3 to 14 March by Friday, so I can hand over on time.
```

Layin farko bai faɗi ranakun hutun ba, bai faɗi ranar da ake son amsa ba, kuma dubawa ya nema. Na biyu ya nemi amincewa, ya kawo ranaku, ya kawo dalili. A kula da abu ɗaya: ba kowace `just` ce ta kame-kame ba. In tana nufin «yanzun nan», kamar a ce yanzu aka tura takarda, bayani take bayarwa, a bar ta. Don haka kada a yi amfani da Replace All mai sauya su duka lokaci guda, a duba kowace a cikin jimlarta.

Inda gyaran ke ɓaci, da yadda za ka gane

Kuskure na farko shi ne wuce gona da iri. Mutum ya koyi cire kalmomi sai ya cire har da gaisuwa, saƙo ya koma «Turo 80,000 ranar Alhamis.» Wannan umarni ne, kuma ko yaron shagonka zai ji zafinsa. Alamar ita ce amsa ta zo a gajarce, ko a amsa sautin maganar a bar maganar: «To, ai ba guduwa zan yi ba.» Gwajin da ke kama wannan kafin a tura shi ne ka karanta saƙon a bayyane kamar mutumin na zaune gabanka. Jimlar da ba za ka iya faɗa masa ido da ido ba, ta yi kaifi. Jimlar da ka ji muryarka na raguwa kafin ka kai ƙarshenta, akwai sauran kame-kame a ciki.

Na biyu shi ne musanya kalmomin rauni da kalmomin zafi: lallai, dole, tilas, cikin gaggawa, ko alamar motsin rai guda uku a jere. Waɗannan ba sa ƙara wa saƙo ƙarfi, suna nuna an fara hasala ne. Lamba da rana sun fi «dole» nauyi, kuma ba sa jawo musu.

Na uku shi ne cirewa daga sama a dawo da su ta ƙasa. Saƙo ya tafi daidai, sai minti biyu bayan haka a biyo shi da «amma fa in ba hali ba komai». Wannan layi guda ya warware duk aikin. In ka tura, ajiye wayar. In kuskuren lamba ka gani, WhatsApp yana barin a gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, Gmail kuma yana da Undo Send, wato janye saƙon da aka tura, da ake iya saitawa har zuwa daƙiƙa 30.

Akwai kuma mutanen da ba a yi wa wannan gyara gaba ɗaya. Mahaifi, suruki, malamin da ya koyar da kai, ko basarake, ba a yanka musu rana a saƙon waya. A nan sai ka ɗora ranar a kan lamarin, ba a kansu ba: «Baba, za a rufe biyan kuɗin rajista ranar 20 ga wata, kuɗin naira 45,000 ne.» Adadi da rana sun fito, babu umarni, kuma babu «ɗan wani abu» da zai sa a aiko da rabin abin da ake buƙata.

Saƙon murya da magana baki da baki

A magana babu Ctrl+F, kuma «dama», «wato» da «ka gane» suna fitowa ne a daidai lokacin da baki ya riga tunani. Kafin ka danna maɓallin ɗaukar murya, shirya jimlar buƙatar a ranka da abubuwanta huɗu, ka faɗe ta sau ɗaya a hankali. Bayan gaisuwa, ita za ta fara fitowa, bayani ya biyo baya. Saƙon ya tsaya ƙasa da daƙiƙa 40, kuma lambar asusu da adadin kuɗi a rubuta su daban, domin babu mai son sake sauraron murya don neman lamba. In gaba da gaba ne, bayan ka faɗi buƙatar ka yi shiru ka jira amsa. Shirun daƙiƙa uku yana da nauyi, kuma a cikinsa ne mutane ke ruga wa «amma ba dole ba ne».

In ranar Alhamis ta wuce Alhaji bai turo ba, tuni na biyu ya tafi washegari da safe, kuma ya fi na farko gajarta, ba zafi ba: «Salamu alaikum Alhaji, barka da asuba. Cikon naira 80,000 bai shigo ba jiya. Yau zan je wajen mai katako bayan sallar Juma'a, don Allah a turo kafin ƙarfe 12.» Kada a ce «wataƙila ba ka ga saƙona ba» alhali alamar karantawa ta nuna ya gani. In wannan ma ya wuce shiru, saƙo na uku ba shi da amfani, sai kira ko zuwa da ƙafa, da takardar lissafin a hannu.